Gansakuka, Yauƙi da Laka: Yadda Ake Wanke Tanki da Duron Ruwa

Idan ruwan gida ya fara wari, ko aka ga ɗan kore-kore yana biyo famfo, abin da yawancinmu ke yi shi ne a sayo bilic a tuttula cikin tanki, a rufe, a ce an gama. Kwana kaɗan warin ya dawo. Dalili kuwa shi ne ƙazantar da ke cikin tankin roba iri uku ce, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da bilic kaɗai ke iya fitarwa.

Ta farko ita ce gansakuka, wadda ba ta rayuwa sai da haske. Duk tankin da ta yi wa kore, to rana na shiga cikinsa, ko ta murfin da ya fashe, ko ta jikin robar idan fara ce ko sirara. Ta biyu laka, wadda ke kwanciya a ƙasa: ƙurar hunturu, yashin rijiyar burtsatse, da jan gari mai kama da tsatsa a wuraren da ruwan ƙasa ke ɗauke da sinadarin ƙarfe. Ta uku ita ce wadda aka fi rainawa, alhali ta fi sauran haɗari, wato yauƙin nan da za ka ji yana santsi idan ka shafa yatsa a jikin duro daga ciki. Sau da yawa ba shi da launi, ruwan ma garau yake. Amma wannan yauƙi ƙwayoyin cuta ne suka manne wa roba, suka lulluɓe kansu da wani abu mai danƙo da ke kare su. Kulorin da ke cikin bilic yana cin na saman ya bar na ƙasa, laka kuma tana shanye ƙarfinsa tun kafin ya yi aikin da aka zuba shi dominsa. Shi ya sa dole a fara gogewa da hannu, magani ya biyo baya.

Mu ɗauki tanki mai cin lita 1,000 da ke bisa ƙarfe a tsakar gida, irin wanda inji ke turo wa ruwa daga burtsatse. Kafin komai a kashe injin daga makunninsa, a gaya wa mutanen gida kada wani ya kunna. A tari ruwan sha da na girki na kwana guda a wani mazubi, domin tankin zai daina aiki har gobe. A rufe bututun da ke kai ruwa cikin ɗakuna, in ba haka ba lakar da za a tayar za ta bi ta toshe famfuna da shawa. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a sama ɗaya riƙe da tsani, kuma da sassafe ya fi, kafin roba da ƙarfe su ɗau zafi. Wurin zai jiƙe ya yi santsi, saboda haka silifas ba takalmin hawa ba ne.

Sai a zubar da ruwan, a bar kamar tsawon tafin hannu a ƙasa. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Mafitar ruwan tanki ba a can gindinsa take ba, tana ɗan sama kaɗan, don haka ko famfo ya daina zuba, lakar tana nan kwance ƙarƙashin bakin bututun. Wasu tankunan suna da wata mafita ta daban a ƙasa don wanki. In babu, a dama lakar da doguwar tsintsiya, a zuƙe ta da tiyo. Ba da baki ake zuƙa ba: a cika tiyon da ruwa, a toshe bakinsa biyu da yatsa, a tsoma ɗaya cikin tanki, a saki ɗayan a ƙasa, ruwan zai biyo da kansa. Abin da ya rage a tsane shi da soso ko tsumma mai tsabta da aka ɗaura a sanda.

Yanzu sai guga. A kaɗa omo kaɗan a bokitin ruwa, mai ɗumi in da hali, a ɗaura buroshin roba a doguwar sanda, a bi jikin tankin daga sama zuwa ƙasa. A ba kwarin layukan jikinsa lokaci, da kewayen bakin bututu, da rufin tankin ta ciki, da ƙarƙashin murfi, domin a nan yauƙi ya fi ɓuya. Kada a yi amfani da soson ƙarfe ko yashi. Suna fitar da kore nan take, amma suna karce robar, kuma kowane karce sabon maɓoya ne da buroshi ba zai sake kaiwa ba. A ɗauraye, a fitar da ruwan, a maimaita har kumfa ta ƙare. Gwajin mai sauƙi ne: shafa yatsa a inda hannunka ya kai. Robar da ta wanku tana ɗan riƙe yatsa, wadda ba ta wanku ba tana zamewa.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon iyaye su bari. Saboda bakin tanki ƙarami ne, sai a nemi yaro siriri a zura shi ciki da soso. Tanki rufaffen wuri ne mai ƙofa ɗaya a sama, iska ba ta zagayawa, ga zafi. Idan aka haɗa da bilic, tururinsa ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa daidai inda yaron ya durƙusa. Wanda jiri ya ɗauka a ciki ba zai iya fitar da kansa ba, fito da shi ta wannan ƙaramin baki kuma ba abu ne mai sauƙi ba. Tankin lita 1,000 ko 2,000 ana iya wanke shi tsaf daga waje. Idan ana iya kwance bututunsa a sauke shi, a kwantar da shi a gefensa a wanke ta baki. Babban tankin da ba makawa sai an shiga, a bar wa masu sana'ar da ke da kayan aiki da mai tsaro a bakin ƙofa.

Bayan an goge an ɗauraye ne lokacin kulorin ya yi. Bilic ɗin da ake sayarwa a shagunanmu yawanci ƙarfinsa kashi 3.5 cikin ɗari ne, kuma a rubuce yake a jikin kwalba. A zaɓi wanda ba a sa wa ƙamshi ko sabulu ba, a duba ranar lalacewarsa, domin wanda ya daɗe a rana ƙarfinsa ya ragu. Ga tankinmu na lita 1,000 ana buƙatar lita ɗaya da rabi, wato cikin babbar gorar ruwa. A tara ruwa zuwa rubu'in tankin, a zuba bilic, sannan a cika shi taf don ya gauraye ya taɓa ko'ina. A buɗe famfunan gida ɗaya bayan ɗaya har a ji warin kulorin ya iso, sai a rufe, ta haka bututun ma sun samu. A bar shi awa 24. Mai amfani da garin kulorin da ake kira HTH, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne giram 80 ga kowace lita 1,000, na tsawon awa 24, ko a ninka shi a jira awa 8 idan ana sauri. Garin a zuba shi cikin ruwa a bokitin roba a dama, kuma a ajiye ragowarsa nesa da fetur da mai, domin haɗuwarsu na iya tayar da wuta.

Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa zai ce zubar da lita 1,000 ba wasa ba ne, kuma gaskiyarsa. Akwai hanyar da ba ta cin ruwa. A zuba cokali takwas na cin abinci na wannan bilic, kimanin mililita 120, a bokiti mai lita 20. A bi jikin tankin duka da wannan haɗi da buroshi mai tsabta ko sabon abin feshi wanda bai taɓa ganin maganin gona ba, a riƙa sake jiƙawa kada ya bushe har minti 30 su cika, sannan a ɗauraye. Da yake wannan haɗin ya fi ƙarfi, a sa safar hannu ta roba da tabarau, a kuma kawar da fuska daga bakin tankin.

Kowace hanya aka bi, kada a haɗa bilic da komai sai ruwa. Wasu na ƙara ruwan wanke masai ko ruwan batir, wai don ya fi ci. Waɗannan asid ne, kuma haɗuwarsu da bilic na fitar da iskar kulorin mai ƙone ido da huhu. Ruwan khal da lemon tsami ma asid ne. Suna da amfani wajen narkar da farin ɓawon da ruwa mai gardi ke bari, amma sai a yi wannan tun farko, a ɗauraye sosai kafin bilic ya shiga. Idan ya fallatsa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai gudana na minti 15, a nufi asibiti.

Ruwan da ya kwana da magani ba na sha ba ne, ba na alwala ko dabbobi ba. Ana iya wanke banɗaki da tsakar gida da shi, amma kada ya gangara kududdufin kifi ko lambu, kada kuma a juye shi gaba ɗaya cikin ramin masai. Bayan an zubar, a ɗauraye tankin, a cika, a saki famfuna har warin ya koma ɗan kaɗan irin na ruwan famfon gwamnati.

Duro mai lita 200 aikinsa ya fi sauƙi, tunda ana iya kwantar da shi a mirgina. Bayan guga, mililita 300 na bilic ya isa a cika shi da ruwa ya kwana. Amma a fara tambayar abin da duron ya taɓa ɗauka. Shuɗayen durukan da ake sayarwa a kasuwa wasu kayan abinci suka ɗauko, wasu kuwa maganin ƙwari ko sinadaran masana'anta. Roba tana shan irin waɗannan, tana sakinsu a hankali cikin ruwa, kuma babu sabulu ko bilic da zai fitar da su. Duron da ba a san tarihinsa ba kada ya ɗauki ruwan sha.

Idan kore ya dawo cikin 'yan makonni, ruwa ba ya tsami banza: haske na shiga. Leƙa ciki da tsakar rana, in ka ga jikin tankin yana haske kamar fitilar kwai, to sai a yi masa rumfa ko a lulluɓe shi da abin da rana ba ta ratsawa. A sauya murfin da ya fashe, a ɗaura raga a bakin bututun ambaliya don sauro da ƙadangare. Tanki a wanke shi sau biyu a shekara, bayan ƙurar hunturu ta kwanta da kuma ƙarshen damina. Duron da ake tsoma moɗa a ciki kullum kuwa, a goge shi duk lokacin da ruwansa ya ƙare kafin a zuba sabo.