Mas'alar jabu ɗaya cikin tsaba goma sha biyu

 Ƴan uwa ɗalibai, ga wata mas'ala ta hisabi.

An ba ka tsabar dala ashirin-ashirin guda 12, ɗaya jabu ce. A ido duk kamarsu ɗaya, nauyinta ne kawai ya saɓa, kuma ba a gaya maka ko ta fi sauran nauyi ko ta kasa su ba. Ga sikeli mai faranti biyu, ba duwatsun awo. Sau uku za ka auna, ba ƙari.

Yawancinmu shida-shida muke fara ɗorawa. Ni ma haka na yi, na kwana biyu ina fama. Ashe tun nan aka yi kuskure. Kowace tsaba tana iya zama mai nauyi ko marar nauyi, ke nan abin da ake zargi 24 ne. Shi kuwa sikeli amsa uku yake bayarwa: hagu ta rinjaya, dama ta rinjaya, ko su daidaita. Awo biyu na ƙarshe amsa 9 kaɗai suke iya rarrabewa, uku sau uku. To shida-shida ba ya taɓa daidaitawa, zai bar ka da zargi 12. Huɗu-huɗu kuwa, ko yaya ya faɗi, 8 yake bari.

Sa musu lamba. Ɗora 1, 2, 3, 4 a hagu, 5, 6, 7, 8 a dama.

In sun daidaita, aiki ya yi sauƙi, takwas ɗin nan masu kyau ne. Auna 9, 10, 11 da 1, 2, 3. In an sake daidaitawa, 12 ce, gwada ta da 1 ka san halinta. In ukun sun rinjaya, jabun mai nauyi ce: auna 9 da 10, wadda ta rinjaya ita ce, in sun yi daidai 11 ce. In ukun suka ɗaga sama, sai ka nemi wadda ta ɗaga.

Inda ake gumi shi ne in hagu ta rinjaya. Yanzu ko dai cikin 1 zuwa 4 akwai mai nauyi, ko cikin 5 zuwa 8 akwai marar nauyi. Dabarar ita ce gauraya su: 1, 2, 5 a hagu, 3, 4, 6 a dama, 7 da 8 a gefe.

Mu ce hagu ta sake rinjaya. Su wa za su iya jawo haka? Ko 1 ko 2 da nauyinsu, ko 6 da rashin nauyinta. Ba 5 ba ce, don marar nauyi ba ta danne farantin da take ciki. Auna 1 da 2: wadda ta rinjaya ita ce jabu, in sun daidaita kuwa 6 ce, marar nauyi. Da dama ce ta rinjaya, zargi na kan 3, 4 da 5, sai a auna 3 da 4. Da sun daidaita, a auna 7 da 8, wadda ta ɗaga sama ita ce. In kuwa dama ce ta rinjaya tun awon farko, sai ka musanya lambobin ɓangarorin biyu ka bi wannan hanya.