ALWALA A HOTO MAI MOTSI, BA A NUNA FUSKA

Yau maganarmu a kan hoton nan mai motsi ne da ake ce wa bidiyo, wanda ake ɗauka da wayar hannu domin koyar da alwala daki-daki. Masu tsentseni sukan kusantar da hoton ga hannaye, su ɓoye fuskar mai alwala, ko don kunya, ko don gudun saɓanin malamai a kan sura. Wannan ya yi kyau. Amma fa wanke fuska farilla ne daga farillai 7 da Ahlari ya lissafa, to, yaya za a koyar da wanke abin da aka ɓoye?

A ce wani malami ya zaunar da almajirinsa da buta, ya ba wani waya ya ɗauka. Abu na fari, a ɗauka da idon wayar na baya. Na gaba sau da yawa yakan juya hoto kamar madubi, dama ta koma hagu, yaro ya tashi yana fara wanke hagu alhali kuwa malam bai koya masa haka ba. Niyya kuwa a zuci take, ba ta kamuwa a hoto, sai muryar malam ta ambace ta. Wanke tafuka zuwa wuyan hannu ba shi da wuya. Kurkurar baki da shaƙa ruwa da facewa, ya isa a nuna tafin dama ya kamfato ruwa ya yi sama, murya ta cika sauran.

Da an zo fuska, sai mai ɗauka ya koma bayan kafaɗar almajiri. Daga nan za a ga tafuka biyu sun tashi daga matsirar gashin kai sun gangara zuwa ƙarshen haɓa, a ga yatsu sun kai ga bakin kunne, ba a ga ido ko hanci ba. Sai dai akwai wuraren da ruwa ke tsallakewa waɗanda ba su ganuwa daga baya, watau tamojin goshi, da kwarmin ido, da ƙarƙashin hanci tsakanin ƙofofinsa biyu. Ga waɗannan, a zana da'ira a allo ba ido ba baki, yatsa ya bi yana nuna muhallinsu. A ganina duk bidiyon da ya tsallake wannan, ya ce kawai "sai ka wanke fuska sau 3", ya bar ɗalibi inda ya same shi. A nan ne kuma za a faɗi hukuncin gemu: mai sauƙin gashi wanda ake hango fata a ƙarƙashinsa wajibi ne a tsefe shi, mai kauri kuwa a bi bayansa da ruwa.

Kusantar da hoto ma tana da nata aibi. Mai ɗauka yakan shagala da yatsu har gwiwar hannu ta fita daga hoto, alhali tana cikin abin wankewa. A ja da baya kaɗan, a bar hannu duka a ciki, a ga ana cuɗawa, gama a mazhabar Maliku kwarara ruwa kaɗai bai isa ba. A nuna tsefe yatsun hannu, shi ma wajibi ne. In mace ce, a ambata cewa lalle ba ya hana ruwa, jan farce kuwa yana hanawa.

Shafar kai ta fi kowace gaɓa dacewa da ɗauka daga baya: hannaye su taho daga goshi har ƙeya, su koma, sa'an nan a sabunta ruwa domin kunnuwa. A ƙafa, a sauke waya ƙasa ta dubi dunduniya da agara, inda lam'a ta fi zama, balle da hunturu lokacin kaushi da faso.

Saura yanke hoto. Masu haɗa bidiyo sukan datse shi gaɓa-gaɓa, su sa rubutu tsakani, har mai kallo ya zaci ana iya hutawa bayan kowace gaɓa. Alhali yin alwala bi da bi farilla ne ga wanda ya tuna kuma yake da iko, ma'aunin jinkiri kuwa bushewar gaɓa ne a matsakaicin yanayi. Saboda haka bayan an gama dalla-dalla, a sāke alwalar gaba ɗaya tun daga bisimilla har ƙafar hagu, a ɗauka ɗaya ba yanka, da ruwa kaɗan, a bar butar a cikin hoto domin a ga abin da ya rage a cikinta.

Wasalam.