Kafin kwalin tangaran ya bar Sabon Gari

Wadda ke sayar da tangaran da kofunan gilashi daga gida a Sabon Gari, cikin birnin Sakkwato, ta san wannan kiran waya. Ta aika saitin faranti ta tasha zuwa Gusau, washegari a ce mata: "Hajiya, kaya sun iso, amma uku sun fashe." Direba ya rantse bai jefar ba, mai saye ta ce a canza mata ko a maido kuɗinta. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ma ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da suka zo da aibi, don haka rubuta "ba a maido da kaya" ba ya raba gardama.

A ganina, yawancin fashewar nan tun a tsakar gida ake shirya ta. Daga Sakkwato zuwa Gusau tafiya ce ta fiye da kilomita 200, kuma duk ramin da mota ta faɗa, abin da ke cikin kwali sai ya yi tsalle. In akwai sarari, faranti na bugun ɗan'uwansa tun daga Talata Mafara har a sauke. Motsin nan na ciki shi ne ke cinye ribar mutane.

A ce faranti dozin ɗaya ne. Da farko a ƙwanƙwasa kowanne da ɗan yatsa. Lafiyayye yana ƙara garau, mai ɓoyayyen tsagu kuwa sautinsa a dakushe yake, a ajiye shi gefe, domin ba zai kai ba ko da a auduga aka naɗe shi. Sannan a naɗe kowane faranti shi kaɗai da takarda falle biyu ko uku, a haɗa huɗu-huɗu a ɗaure da salatif. Wajen sakawa a kwali ne mutane da yawa ke kuskure: suna jera su a kwance kamar a kan kanta. Faranti ya fi jure nauyi a tsaye a kan gefensa. In yana kwance, nauyin sama da bugun ƙasa a tsakiyarsa suke haɗuwa, inda ya fi rauni.

Kwalin ya zama mai kauri biyu, kuma a bar tazarar santimita 5, wato kamar faɗin yatsu uku, tsakanin kaya da bango ta kowane ɓangare, har ƙasa da sama. A cike tazarar da takarda a cukuikuye ko guntayen soson katifa. Takardar da aka shimfiɗa sumul ba ta tare bugu, sai an dunƙule ta. Kofi kuwa a cusa masa takarda a ciki, a naɗe mariƙinsa daban, don shi ne ke fara karyewa.

Kafin a rufe, a ɗaga kwalin a girgiza kusa da kunne. In an ji ƙas-ƙas ko wani abu ya gusa, aiki bai ƙare ba. In shiru, a manne tsakiya da gefuna biyu, sama da ƙasa. Tsohon kwalin taliya da ya sha dako ko ya taɓa jiƙa ya riga ya saki, kuma zafin watan Afrilu a Sakkwato, da ke haura digiri 40, yana sassauta salatif mai arha, shi ya sa ƙarin igiya ba ɓarna ba ce. A rubuta "mai fashewa" da kibiya mai nuna sama, amma kada a dogara da rubutun. Ɗan dako mai sauri zai iya ɗora buhun albasa a kai.

In duk da haka kaya sun fashe, irin fashewar tana faɗin inda laifi yake. Ɓantarewar baki na nuna faranti sun gogi juna, wato naɗi ne bai isa ba. Tsagewa ta tsakiya tare da murfin kwali da ya lotsa alama ce ta an danne shi da nauyi. Kusurwa ɗaya da ta murƙushe, da ɓarna a wannan ɓangaren kaɗai, faɗuwa ce. Saboda haka a ɗauki ɗan bidiyo lokacin shiryawa, da hoton kwalin a hannun direba da lambar motarsa, a kuma roƙi mai saye ta duba kwalin a tasha, ta ɗauki bidiyon buɗewa.

Lissafin ba shi da wuya. In ribar saiti ɗaya naira 3,000 ce, aka maido shi, an biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ga saiti ya zama gurgu ba ya sayuwa a farashinsa. Ribar ciniki uku ko huɗu ta tafi kenan. 'Yar'uwa mai sana'a, ki sa kuɗin kwali da soso cikin farashi tun farko, kuma kada kwali ya fita ƙofar gidanki sai kin girgiza shi kin ji shiru.