Sayen waya kashi-kashi ko tara kuɗi a biya hannu: yadda ake lissafin asarar jira

A kasuwannin waya irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas, da Banex a Abuja, da Farm Centre a Kano, mai saye kan tarar da farashi biyu a kan waya ɗaya. Akwai na kuɗi hannu, akwai kuma na biya kashi-kashi, inda ake ajiye kafin alƙalami a tafi da waya a ranar, sauran kuma a riƙa biya mako-mako ko wata-wata. Kamfanoni irin su M-KOPA da Easybuy na gudanar da wannan ciniki a Najeriya. Hujjar da ake yawan ba wa mai saye ita ce farashi ba ya jiran kowa, wanda ya tsaya tara kuɗi zai dawo ya tarar wayar ta ƙara tsada. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai lissafi ne kaɗai ke nuna iyakar gaskiyarta.

A ɗauki misalin wayar da kuɗinta hannu ya kama naira 150,000. Alƙaluman na misali ne, domin sharuɗɗa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Mai saye ya ajiye naira 30,000, aka yanka masa naira 6,500 duk mako har mako 26, wato wata shida. Jimillar biyan mako-mako ta kama naira 169,000, idan aka haɗa da kafin alƙalami ta zama naira 199,000. Ƙarin da ya biya a kan farashin kuɗi hannu shi ne naira 49,000.

Da yawa kan kwatanta wannan ƙari da farashin wayar, su ce ai kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Amma abin da aka ranta wa mai saye naira 120,000 ne, tunda ya riga ya biya 30,000 daga aljihunsa. Kuma bashin ba ya zama a hannunsa har ƙarshen wata shida, raguwa yake yi duk mako. Idan aka lissafa a kan abin da ya rage a kowane mako, ƙarin ya kai kusan kashi 2.7 cikin 100 a mako, abin da ya yi daidai da kusan kashi 140 cikin 100 a shekara.

Sai kuma wanda ya zaɓi haƙuri. Yana da naira 30,000 a hannu, yana ajiye 6,500 duk mako, daidai da abin da ɗan'uwansa ke biya. A mako na 19 zai tara naira 123,500, wadda idan ya haɗa da ta hannunsa ta isa sayen wayar. Ke nan jiransa mako 19 ne. Ranar da zai shiga kasuwa, wanda ya ɗauki bashi yana da sauran mako bakwai a gabansa.

A nan ne batun tashin farashi ke shigowa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024, kafin ta sauya ma'aunin lissafinta a farkon 2025. Ko da farashin wayar ya tashi da irin wannan sauri, a cikin mako 19 zai ƙaru ne da kusan naira 17,000, ya koma wajen 167,000. Mai tarawa zai ƙara mako uku, ya saya, kuma har yanzu ya fi mai bashi sauƙi da kusan naira 32,000. Kafin bashin ya zama riba ta fuskar farashi kaɗai, sai wayar ta ƙara kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta a ƙasa da wata biyar.

Hakan na iya faruwa, domin wayoyi daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma dala yake bi. A farkon shekarar 2024 dala ta tashi daga wajen naira 900 zuwa sama da 1,500 a kasuwar hukuma cikin 'yan makonni, kuma wanda ya ƙulla ciniki da tsayayyen farashi kafin lokacin ya ci riba. Amma irin wannan faɗuwar naira ba kullum take zuwa ba. A lokacin da dala ta tsaya wuri ɗaya, farashin tsohon samfurin waya ma sauka yake yi idan sabo ya fito.

Babbar asarar jira tana wajen abin da wayar za ta kawo. Idan aka raba ƙarin naira 49,000 a kan mako 19, kowane mako ya tashi a kan kusan naira 2,600. Wannan shi ne kuɗin da mai bashi ke biya domin ya riƙe wayar tun yau. Matashin da ke da babur a Agege, wanda ba zai iya karɓar aikin kai saƙo ba sai da wayar da ke ɗaukar manhaja da taswira, idan aikin zai ƙara masa naira 10,000 a mako bayan ya cire kuɗin data da na mai, jiran mako 19 zai jawo masa asarar naira 190,000 domin ya tsira da 49,000. A wurinsa bashin ya fi. Haka telar da ke samun masu ɗinki ta hanyar tura hotunan aikinta, muddin ta tabbata masu ɗinkin suna nan.

Wanda kuwa yake da wayar da ke aiki, yana son sabuwa ne domin kyamara ko girman fuska, jira ba ya rage masa ko kwabo na kuɗin shiga. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a lissafa kuɗin da ake fatan samu a matsayin wanda aka riga aka samu. Abin dogaro shi ne aikin da mutum ya taɓa rasawa saboda rashin waya, wanda zai iya faɗin ko nawa ne.

Kowace hanya tana da inda take ɓaci. Kuɗin da ake tarawa a gida ba ya rasa mai nema, ga rashin lafiya, ga suna, ga kuɗin makaranta, mako 19 ya koma shekara. Shi ya sa wasu ke shiga adashi, wanda idan aka dace da ɗaukar farko yakan ba da kuɗin a dunƙule ba tare da ƙarin ko sisi ba. Ita kuwa wayar bashi yawanci tana zuwa da manhajar da ke kulle ta daga nesa idan biya ya yi jinkiri. Ga ɗan kai saƙo, wannan na nufin makon da ya gaza biya shi ne makon da abin neman kuɗin zai daina aiki. Sannan idan aka sace wayar ko ta faɗa ruwa, bashin na nan a wuyansa, sai dai in yarjejeniyar ta ƙunshi inshora.

Akwai kuma abin da ya shafi addini. Mafi yawan malaman fiƙihu sun halatta sayar da kaya a kan farashin jinkiri da ya fi na hannu, matuƙar an tsayar da farashin tun ranar ciniki. Ƙarin kuɗi a kan bashi saboda jinkirin biya kuwa suna ɗaukarsa riba. Saboda haka ya kamata mai saye ya nemi a rubuta masa jimillar abin da zai biya, da abin da zai biyo baya idan ya tsallake mako guda, da kuma ko za a yi masa ragi idan ya kammala biya kafin wa'adi.