Rubuta Tsakure da Sakamakon Binciken Kasuwa

Tsakure shi ne taƙaitaccen bayanin da ke buɗe rahoto, amma shi ake rubutawa daga ƙarshe. Ba ya wuce shafi ɗaya. A cikinsa ake faɗin abin da aka bincika, da adadin mutanen da aka tambaya, da babban sakamako, da kuma shawara. Sashen sakamako kuwa, abin da aka gano kurum yake kawowa, ba tare da ra'ayin mai bincike ba.

A ƙaddara ɗalibai sun binciki yadda manoma ke sayen takin zamani. Sun tambayi mutum 40 a kasuwar Tambuwal, 20 suka ce da mudu suke saye. A Kebbe sun tambayi 20, aka sami 15. Idan aka zana sanduna biyu da waɗannan alƙaluma, ta Tambuwal za ta fi tsawo, mai karatu ya ɗauka can aka fi saye da mudu. Wannan kuskure ne, domin adadin waɗanda aka tambaya ba ɗaya ba ne. Sai an mayar da su kashi cikin ɗari: Tambuwal 50, Kebbe 75.

Don haka kowane zane yana buƙatar lamba, da take, da adadin waɗanda aka tambaya, sannan jimla ɗaya a ƙarƙashinsa mai fayyace abin da ya nuna. Wannan jimlar ce ake ɗauka zuwa tsakure, kuma duk alƙalamin da babu shi a sashen sakamako, ba ya shiga tsakure.