Sunan Aiki da Adadin Albashi: Abin da Ya Wajaba Sanarwar Neman Ma'aikaci Ta Bayyana

Duk wanda ya saba duba takardun da ake liƙawa a bangon makarantun kuɗi da ƙofofin kantuna da turakun fitilu a garuruwanmu, ko saƙonnin da ke yawo daga waya zuwa waya, ba zai rasa cin karo da wata irin sanarwa mai layi uku ko huɗu ba, wadda ke cewa ana neman manaja ko jami'in kasuwanci cikin gaggawa, albashi mai tsoka, mai bukata ya zo da takardunsa ranar kaza. Gajartar irin wannan sanarwa ba aibi ba ce, domin mai wucewa a kan hanya ba shi da lokacin karanta dogon bayani, kuma wanda ya biya kuɗin shela a gidan rediyo ya san kowace daƙiƙa da farashinta. Aibin yana wajen abin da aka zaɓa aka bari a ɓoye, domin abubuwa biyu da mai neman aiki ya fi bukatar sani kafin ya kashe kuɗin mota, wato haƙiƙanin aikin da zai yi da kuma adadin abin da za a ba shi, su ne aka fi lulluɓewa, alhali kuwa magabata sun riga sun ce ba a cinikin biri a sama.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan mas'ala a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada. A mazhabar Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu daga Risala ta Ibn Abi Zaid har zuwa Muhtasar na Shehu Halil, sharaɗin ingancin ijara shi ne aikin ya zama sananne, ladan ya zama sananne, a kuma san iyakar lokaci ko iyakar aikin. Idan aka bar ɗayansu cikin duhu, ƙullin ya ɓaci, kuma in har an riga an yi aikin, sai a koma a biya ma'aikaci gwargwadon abin da ake biyan ire-irensa. Gaskiya ne sanarwa ba ita ce ƙulla yarjejeniya ba, kira ce kawai zuwa gare ta. Amma wanda ya faro magana da rufa-rufa a bakin ƙofa, da wuya ya zama mai fayyacewa bayan an shiga zaure, musamman da yake mai neman aiki, idan ya riga ya zo, ya yi jira, ya ga cincirindon masu nema irinsa, kunya da larura sukan ɗaure masa baki har ya kasa tambaya.

Mu fara da sunan aiki. Mai kanti yana bukatar yaron da zai tsaya a shago daga safe zuwa magariba, ya karɓi kuɗi, ya rubuta abin da ya fita, amma sai ya rubuta cewa manaja yake nema, wai don sanarwar ta yi kwarjini. Abin da ke biyo baya kuwa sananne ne: masu digiri za su cika masa ƙofa, kowa da kwafin takardunsa a cikin ambulan, yaron unguwa da ya iya lissafi, wanda shi ne ainihin wanda ya dace, zai karanta ya wuce, domin ya ɗauka ba da shi ake ba. Idan aka ɗauki mai digirin, bayan mako biyu ya ga cewa manajancin nasa bai wuce sauke kwali da share dandamali ba, sai ya fara duban wani wuri, mai kanti kuma ya koma yana kukan cewa yaran zamani ba sa zama. Ma'aunin suna mai gaskiya abu ne mai sauƙi: a duba aikin da zai cinye mafi yawan sa'o'in mutum a yini, a kira shi da sunan wannan aiki, ko akawu ne, ko mai kula da sito, ko direba, ko mai karɓar kuɗi, ko mai talla. In kuwa ayyuka biyu za a haɗa masa, kamar malamin firamare da zai riƙa rakiyar motar ɗalibai da safe, to a faɗi duka biyun, kada a ɓoye na biyun a bayan kalmar "da sauran ayyuka".

Akwai kuma wata illa ta babban suna da mutane ba su cika lura da ita ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, kariyarta ta tsaya ne a kan masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, ta fitar da masu riƙe da ragamar gudanarwa da ƙwararrun ma'aikata daga cikin waɗanda take nufi. Saboda haka wanda aka laƙaba masa manaja alhali aikin ƙarfi yake yi, ranar da aka sami saɓani, wannan laƙabi da ya yi alfahari da shi yana iya zama abin da za a kafa masa hujja da shi.

Sai batun albashi, wanda a nan ne ha'incin ya fi yin kauri, kuma ya kamata mu bi shi da lissafi. A ɗauka, a bisa misali, wani kamfanin ruwan leda ya fitar da sanarwa cewa yana neman jami'in kasuwanci, albashi har naira 150,000 a wata. Kalmar "har" ita ce ramin da ake faɗawa. Saurayi ya je, aka ɗauke shi, sannan ya gano cewa abin da aka yanka masa tabbatacce naira 40,000 ne, sauran kuwa la'ada ce, naira 10 a kan kowace jakar ruwa da ya sayar wa masu shaguna. Kafin ya kai adadin da aka rubuta, sai ya tara naira 110,000 daga la'ada, wato sai ya sayar da jaka 11,000 a wata. In kwana 26 yake fita, ya zama wajibi ya sayar da sama da jaka 420 kowace rana, har da kwanakin hunturu da mutane ba sa shan ruwa sosai. In abin da ƙarfinsa ya kai jaka 150 ne a yini, to a ƙarshen wata ya sayar da 3,900, la'adarsa naira 39,000, jimillar abin da ya samu naira 79,000. Idan kuma kuɗin motarsa daga gida zuwa kamfani da dawowa naira 1,000 ne kullum, daga aljihunsa, to 26,000 sun fita, abin da ya rage masa 53,000, wato kusan sulusin abin da ya gani a takarda. Mai kamfani zai iya rantsuwa cewa bai yi ƙarya ba, kuma a zahirin lafazi bai yi ba. Amma ya san abin da mai karatu zai fahimta, kuma don a fahimci hakan ya rubuta.

Da ya so gaskiya, da layi huɗun nan sun ishe shi, ba tare da ƙara ko sisi a kuɗin shela ba. Da sai ya ce: ana neman mai tallan ruwan leda ga shaguna, albashi tabbatacce naira 40,000 a wata, da la'adar naira 10 a kowace jaka, waɗanda ke aikin yanzu suna samun tsakanin kaza da kaza, aiki Litinin zuwa Asabar, kuɗin mota a kan ma'aikaci. Masu zuwa za su ragu ƙwarai, wannan babu shakka, amma waɗanda za su zo su ne masu zama kusa da kamfanin, masu sanin 'yan shagunan unguwa, waɗanda suka yi lissafinsu a gida suka ga ya fisshe su. Mutum biyar irin waɗannan sun fi wa mai kamfani amfani a kan ɗari da za su ɓata masa yini guda ana tantancewa.

Masu ɗaukar ma'aikata sukan kawo uzuri biyu. Na farko, wai in aka faɗi adadi, tsofaffin ma'aikata za su ji abin da za a ba sabo, rigima ta tashi. Amsar wannan ita ce, albashi ba ya ɓoyuwa a tsakanin mutanen da ke cin abinci a kwano ɗaya, kuma in akwai bambancin da ba za a iya kare shi a fili ba, to gyara yake bukata. Na biyu, wai albashin ya danganta da ƙwarewa, kuma wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya. Maganinsa shi ne a faɗi ƙasa da sama, kamar daga 80,000 zuwa 100,000, a faɗi abin da ke kai mutum saman, da sharaɗin kada tazarar ta yi faɗin da zai mayar da ita wasa, domin wanda ya rubuta daga 30,000 zuwa 300,000 daidai yake da wanda bai rubuta kome ba. Wasu wurare ma sun mayar da wannan doka. Birnin New York na Amurka, alal misali, ya wajabta rubuta iyakokin albashi a sanarwar aiki tun 2022.

Mai neman aiki kuma yana da tambayoyin da ya kamata ya yi tun kafin ya ce ya amince, cikin ladabi amma ba tare da jin nauyi ba. Ya tambaya ko adadin na wata ne ko na shekara, domin naira 1,200,000 da ke cika ido a takarda, in na shekara ne, 100,000 ke nan a wata. Ya tambaya ko kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire, tun da dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, mai kamfani kuma kashi 10, a wuraren da dokar ta shafa. Ya kuma sani cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka nan bai shafi masu aikin la'ada ba, don kada ya shiga yana zaton doka za ta cike masa giɓin da bai tambaya ba. Idan kuma aka ce sai ya biya kuɗin fom ko kuɗin horo kafin a faɗa masa albashi, to ya kama gabansa, domin mafi yawan masu yin haka kuɗin fom ɗin ne sana'arsu. In an daidaita ya fara aiki, dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗauka ya ba shi rubutacciyar takarda cikin wata uku, mai ɗauke da irin aikin, da adadin lada da lokacin biyansa, da sa'o'in aiki, da wa'adin da za a bayar kafin rabuwa. Sai ya gwada ta da sanarwar da ta kawo shi, wadda ya kyautu ya ɗauki hotonta ya ajiye tun ranar da ya gan ta.