Wayar Farko ta Baba da Inna: A Fara Gwada Sauti

Shirinmu na yau na masu niyyar saya wa Baba ko Inna babbar waya ta shafawa ne, bayan sun daɗe da ƙaramarsu mai madannai.

Idan kun shiga kasuwar waya, ko Farm Centre ta Kano ko wadda ke kusa da ku, mai shago da yabon kyamara zai fara. Ku bari ya gama, sannan ku nemi jin sauti. Dattijo ba yawan rubutu zai yi ba. Saƙon murya na WhatsApp zai saurara, da karatun malamai, da kiran jikoki.

Kada a gwada da kiɗa, domin kiɗa yana rufa wa sifika asiri. Idan shekaru suka ja, siririn sauti ne ke fara kuɓuce wa kunne, shi ya sa za ku ji Baba ya ce yana jin ana magana amma bai gane me aka ce ba. Don haka ku kunna saƙon murya, ku ƙure ƙarar, ku ja da baya taku uku. In muryar ta dusashe ko tana rawa, ku ajiye wayar komai arharta. Ku duba kuma inda sifikar take. Wadda ke bayan waya, da an ɗora ta kan tabarma ko katifa sai sautin ya toshe. Wadda ke gindi, kusa da ramin caji, ta fi. Sannan ku yi kira, ku kara a kunne, domin sifikar kira daban take.

Fuskar waya kuwa, inci 6.5 ya wadatar. Amma faɗin fuska ba shi ke ƙara girman rubutu ba. Tun a shagon ku shiga Settings, ku taɓa Display, ku nemi Font size, ku kai shi ƙarshe, ku fita rana ku ga ko sunayen mutane na karantuwa. A wayoyin Samsung da dama akwai Easy mode, mai manyan hotuna kaɗan a fuska. Ku bar abu huɗu kawai a gaba: kira, lambobi, WhatsApp da tocila.

Kulle da zanen yatsa yakan ba da wahala, musamman da hunturu in hannu ya bushe ya tsattsage. Lambobi huɗu da Inna za ta riƙe sun fi mata sauƙi.

Wajen ƙarko, ku zaɓi mai ramin caji USB-C, wanda kan caja ke shiga ta kowane ɓangare. Tsohon samfuri ta gefe ɗaya yake shiga, kuma tura shi da ƙarfi ke lalata ramin. Batir ya kai 5000 mAh saboda ɗaukewar wuta, kuma kada ku baro shagon sai an sa gilashin kariya da rigar roba mai kauri.

In da hali, ku tafi kasuwar tare da mai wayar, ya ji da kunnensa kafin a biya kuɗi. Mu kwana nan, sai shiri na gaba.